Ƙarfi Daban, Gudu Daban: Yadda Muka Mayar da Jadawalin Gano Matsalar Haidirolik Zuwa Hausa a Jos

A ƙarshen watan Nuwamba, sanyi ya fara kankama a Jos, aka kira ni garejin wani kamfanin fasa dutse da ke bayan Bukuru. Sana'ata fassara ce, kuma na taɓa yin ta takardun injuna. Abin da shugaban makanikan ya miƙo mini shafi biyu ne da aka ciro daga littafin wata ƙaramar loda, wadda ake ɗibar tsakuwa da ita ana zuba wa tifa. Jadawalin gano matsalar haidirolik ne, wato tsarin da famfo ke tura mai yana motsa hannu da bokitin mota: akwati ɗauke da tambaya, kibiya biyu na fita daga cikinsa, kowace ta kai ka wani akwatin, har ka dire a kan abin da ya lalace.

Makanikan garejin sun kai tara. Akwai Birom, akwai Angas, akwai Hausawa, amma da Hausa ake aiki, da ita ake ciniki, da ita ake yi wa yaro faɗa. Yawancinsu a hannu suka koyi sana'ar, suna karanta boko daidai gwargwado, sai dai Turancin littafin injin yana yi musu nauyi. Oga ya ce so yake ko ba ya nan yaransa su bi takardar su gano matsala, a daina sauya kaya da ka. Famfon haidirolik ba abin da ake saye don gwaji ba ne.

Cikin kwana uku na gama zubin farko. Hausar ta tafi sumul, wanda ya karanta ba zai ce akwai kuskure ba. A gaban injin ne aka gane inda ta gaza.

Ranar da aka gwada takardar

Lodar kanta tana da matsala a lokacin, don haka Oga ya ce a gwada fassarar a kanta. Direban ya kawo kukansa yadda direbobi ke kawowa: "Oga, motar nan ta yi sanyi, ba ta da ƙarfi. Da safe kuka take yi, rana na yi kuma sai jikinta ya mutu."

Aka ba wani matashin makaniki takardar. A saman jadawalin akwai ƙofofi biyu da na fassara da "rashin ƙarfi" da "sanyin aiki". Direba ya ambaci duka biyun a numfashi ɗaya, sai yaron ya shiga ta farko. Ta ce ya ɗaura geji, wato na'urar auna matsin mai, ya tura silindar bokiti har ƙarshe, ya riƙe liba ya karanta. Allura ta tsaya a kan 200 a ma'aunin matsi da ake kira "ba", daidai abin da littafi ya ce. Kibiyar ta kai shi akwatin da ke cewa haidirolik lafiya lau, a duba ko kaya sun yi yawa ko wani fin ya cije. Babu ko ɗaya. Hanya ta ƙare masa, ga mota kuma ba ta warke ba. Sai na ga ya ɗauko sifana ya nufi bawul ɗin rilif, wanda ke buɗe wa mai hanyar komawa tanki idan matsi ya kai iyaka, zai ƙara ɗaure shi.

Akwai wani dattijo a garejin da kowa ke kira Baba, ya fi kowa daɗewa a kan katafila. Ya ce, "Yaro, ajiye sifanar nan." Sannan ya juya ga direba: "Cikakken bokiti, tana ɗagawa ko ba ta ɗagawa?"

"Tana ɗagawa, Baba. Sai dai ka gaji da jira."

"To ba ƙarfi ta rasa ba. Gudu ta rasa."

Ya dube ni ya ce, "Malam, takardarka ta haɗa abu biyu a kwano ɗaya." Gaskiya ya faɗa. Da yaron ya ɗaure rilif ɗin, gudu ba zai ƙaru ko kaɗan ba, sai dai tiyo da sil, wato robar da ke hana mai yoyo, su riƙa shan matsin da ya wuce abin da aka yi su don shi.

Kalmomi biyun da jadawalin ya tsaya a kansu

Duk jadawalin an gina shi ne a kan bambancin abu biyu da makanikai ke kira firesha da fulo. Ni kuwa na fassara na farko da "ƙarfin mai", na biyu da "ƙarfin gudun mai". Ga mai karatu a tsaye, hannu duk giris, ƙarfi ƙarfi ne.

Wanda ya taɓa ganin masu noman rani suna jan ruwa daga tsofaffin kududdufan kuza ya san bambancin, ko bai san sunansa ba. Injin ban ruwa turo ruwa kawai yake yi. Idan bakin tiyo a buɗe yake, ruwa na zuba da yawa amma tiyon lakwas yake. Ka toshe bakin da hannu, sai tiyon ya ɗaure tamau. Haka famfon haidirolik yake: aikinsa turo mai, lita kaza a minti. Firesha tana tashi ne idan man ya tarar da abin da ya tare shi, wato kayan da ke cikin bokiti. Yawan man da ke isa silinda shi ke yanke saurinta. Firesha ita ke yanke nauyin da za ta iya turawa.

Sai da na zauna da Baba muka yi lissafin a bayan kwali kafin abin ya zauna mini. Silindar bokitin faɗin cikinta milimita 100 ne, fuskar fistin ɗinta ta kama murabba'in santimita 78.5. A ba 200 tana tura kusan tan 16. Tafiyarta santimita 60 ce, don haka lita 4.7 ke cika ta. Littafi ya ce a gudun injin da ake gwaji da shi famfo na ba da lita 60 a minti, wato lita ɗaya kowace daƙiƙa. Ke nan lafiyayyar mota za ta fitar da silindar nan cikin daƙiƙa 4.7 ko kusa da haka. Tan 16 magana ce ta geji. Daƙiƙa 4.7 magana ce ta agogo. Famfon da ya fara cinyewa yana iya kai allurar geji ba 200 idan silinda ta tsaya a ƙarshe, domin a lokacin ba a buƙatar mai da yawa, ɗan kaɗan ya isa ya riƙe matsin. Abin da ya yaudari yaron ke nan, kuma takardata ce ta tura shi can.

A zubi na biyu na cire kalmar "ƙarfi" daga jadawalin gaba ɗaya. Firesha na bar ta firesha, domin ita ce kalmar bakinsu kuma ba sa kiran komai da ita sai abin da geji ke nunawa. Na so in sa "matsi", wadda Hausa ce tsantsa kuma daidai take, amma da na gwada ta a kan mutum uku, biyu sun ɗauka ɗaure noti ake nufi. Sai na ajiye ta a layin bayani na ƙasa kawai. Fulo kuwa ba kowa ke faɗinta ba, sai na sa "gudun mai", kuma duk inda ta fito na biyo ta da "lita a minti" don kada a manta abin aunawa ne.

"Sanyi" ma na hana ta shiga sai inda ake nufin sanyi na gaske. A bakinmu mota ta yi sanyi na nufin ta yi nawa, alhali rabin tambayoyin jadawalin a kan ko mai ya ɗumama ne ko bai ɗumama ba. A garin da direba ke shiga mota da rigar sanyi biyu, wannan ruɗanin ba ƙarami ba ne. Ƙofofin biyu na sama kuma na daina ba su suna, na rubuta abin da ido ke gani, irin tambayar Baba: "Ba ta iya ɗaga kayan da ta saba ɗagawa" da "Tana ɗagawa, amma tana nawa."

Bin hanyar nawa har ƙarshe

Washegari muka shiga ta ƙofa ta biyu. Nan jadawalin asali ya ce a ɗaura mitar auna gudun mai, garejin kuwa ba shi da ita. Fassarar da ta ce ka ɗauko abin da babu ba ta taimaki kowa ba, amma ni ma ba hurumina ba ne in sauya umarnin masu injin. Abin da muka yi shi ne barin layin yadda yake, muka ƙara akwati mai launi daban a gefe da ke cewa "Ƙarin gareji: idan babu mita, auna da agogon waya." Injiniyan kamfanin ya karanta ya sa hannu kafin ya shiga.

Da safe, mai bai gama ɗumama ba, bokiti babu kaya, silinda ta fita a daƙiƙa 5. Bayan awa biyu na aiki, mai ya yi zafi, bokiti cike da tsakuwa, ta ɗauki daƙiƙa 7, kuma injin bai rage gudu ba. Lita 4.7 cikin daƙiƙa 7 ya kama lita 40 a minti. Lita 20 na ɓacewa a wani wuri kowane minti, ga ƙasa kuma a bushe, ko ɗigo babu. Wannan shi ne yoyon ciki: mai na sulalewa ta baya a cikin kayan, ya koma inda ya fito ba tare da ya yi aiki ba. Yana tsananta idan mai ya yi zafi ya tsinke, da kuma idan kaya sun yi nauyi. Abin da direba ke nufi ke nan da ya ce rana na yi jikinta ke mutuwa.

Man da ya sulale haka zafi yake komawa. Lissafinsa gajere ne, kuma na bar shi a takardar yadda yake:

```
kW = bar × L/min ÷ 600
```

Da kayan nan geji na nuna ba 150. Lita 20 a ba 150 ta ba da kilowat 5, kamar a tsoma hita biyar masu wat dubu a cikin tanki a bar su a kunne. Man da ya wuce digiri 80 yana ƙona sil, shi ma kansa ya lalace da wuri.

Saura a san ina yoyon yake. Tambaya ta gaba ita ce ko aiki ɗaya ne ke nawa ko duka. Da sil ɗin fistin ɗin bokiti ne ya mutu, bokiti kaɗai zai yi nawa. A nan hannun ɗagawa ma nawa yake yi, don haka matsalar tana wurin da duka biyun suka haɗa: rilif ko famfo. Baba ya kwance rilif, ya wanke, ya duba mazauninsa a hasken rana, babu datti babu zaizaya. Aka sauke famfo. Da aka buɗe shi, farantan gefen giya sun cinye, kuma ta ɓangaren da mai ke fita akwai ƙananan ramuka birjik kamar an tsattsaga da allura.

Kukan safe

A nan Oga ya so a tsaya: an gano, a sayo famfo. Baba ya ce tukuna, a koma kan kukan da direba ya ce tana yi da safe, domin ramukan nan ba tsufa ba ne ya yi su. Sai muka tarar da kuskurena na biyu, wanda da an bar shi zai iya cinye sabon famfon ma.

A ƙarƙashin "famfo na ƙara" jadawalin Turanci ya raba hanya biyu, kabiteshan da eyareshan. Ni duka na mayar da su "iska a cikin mai", na bambanta su da lamba kawai. Ga kunne sun yi kama, amma sanadinsu daban, maganinsu daban.

A ta biyun, iskar waje ce ke samun ƙofa ta shiga: mai ya yi ƙasa a tanki, ko kilif ɗin tiyon zuƙa ya saki, ko sil ɗin shaf ɗin famfo ya gaji. Ka leƙa tanki za ka ga kumfa, aiki na fizga yana laushi, ƙarar kuma tana zuwa tana ɗaukewa. Idan ka shafa giris a mahaɗar da ake zargi ƙarar ta lafa, ka sami wurin. A ta farkon kuwa babu iskar da ta shigo. Famfo ne ke zuƙa amma mai ba ya zuwa da saurin da yake so, sai matsin bakinsa ya faɗi ƙwarai har ƙananan kumfa su ɓullo daga cikin man kansa. Da sun tsallaka ɓangaren da firesha take sai su fashe, kowace fashewa tana ɓantarar ƙarfe. Kukanta siriri ne, ba ya yankewa, yana ƙaruwa idan an taka injin, yana raguwa idan mai ya ɗumama, kuma galibi ba ka ganin kumfa a tanki.

Na tambayi Baba yadda suke faɗa a tsakaninsu. Ya ce, "Wancan famfo na zuƙar iska. Wannan kuwa famfo ya shaƙe, an riƙe masa wuya." Kalmomin da na sa ke nan, ban taɓa su ba. Suna da wani amfani da na Turancin ba su da shi ga yaron gareji: wanda ya ji "ya shaƙe" abin da ya toshe zai nema, wanda ya ji "zuƙar iska" inda ya buɗe zai nema.

Muka bi hanyar shaƙewa. Ragar da ke bakin bututun zuƙa a cikin tanki ta toshe da dauɗa fiye da rabi. Littafin motar `ISO VG 46` ya ce a zuba, amma duron da ake ƙari daga ciki `ISO VG 68` ne. Lambar nan kaurin man ce a digiri 40, kuma mai yana ƙara kauri sosai idan ya huce. A safiyar hunturu a Jos, da sanyi kan sauka kusa da digiri 10, kaurin mai lamba 68 yakan ninka fiye da sau biyar. Mai kamar zuma, raga a toshe, direba kuma na tayar da mota ya taka ta nan take saboda tifa na jira. Kullum safiya famfon yana cin kansa na wasu mintuna, har ya kai inda muka same shi.

A wannan akwatin na ƙara raba "kumfa" da "launin madara", domin zubin farko ya ce "mai ya yi fari" kawai. Idan aka ɗebo a kwalba aka ajiye, na iska yana washewa, na ruwa kuwa yana nan a dame.

E da a'a, da kalmar "duba"

Akwai wata matsala da ba ta injin ba ce, ta harshe ce zalla. Wasu tambayoyin asali da korewa aka yi su, ni ma na bi su haka: "Firesha ba ta kai ba 200 ba?" Bahaushe idan ya ce "e" ga wannan, yana nufin e, ba ta kai ba. Wani kuma da ya saba da Turanci zai ce "a'a" yana nufin abu ɗaya. Mutum biyu, amsa ɗaya a zuciya, kibiya biyu daban. Ga kuma "ba" ta ma'auni da "ba" ta korewa sun cakuɗe a jimla guda. Na juya kowace tambaya ta zama kai tsaye, na rubuta ma'aunin `bar` yadda yake a fuskar geji, kuma na cire e da a'a daga kan kibiyoyi na sa cikakkiyar amsa: "ta kai" da "ba ta kai ba", "akwai kumfa" da "babu kumfa".

Kalma ɗaya ta Turanci da ake fassarawa da "duba" ta fito a kusan kowane akwati. Ga makaniki duba na nufin kallo. Na bi su ɗaya bayan ɗaya da Baba ina tambaya me hannu ke yi a nan, sai ta rabu: auna da geji, auna da agogo, saurara, kwance ka gani, leƙa.

Wuri ɗaya ne na tsawaita da gangan. Asali ya ce a saki firesha kafin a kwance komai, a layi guda. Na mayar da shi matakai: sauke bokiti ƙasa, kashe injin, kaɗa kowace liba gaba da baya sau da yawa, sassauta murfin tanki a hankali, tabbatar allurar geji ta koma sifili. Haka ma neman yoyo. Na ga yara suna shafa tiyo da tafin hannu mota na aiki, alhali man da ke fita ta ƙaramin huji yana iya huda fata tun daga `7 bar`, mu kuma a 200 muke aiki. Raunin kan yi kama da tsinin ƙaya, amma man da ya shiga ciki yana kashe nama, har a kai ga yanke yatsa. Na rubuta da manyan baƙaƙe: a nemi yoyo da kwali, kuma wanda mai ya huda a kai shi asibiti nan take, a gaya wa likita man haidirolik ne ya shiga ƙarƙashin fata.

Abin da aka buga a jikin ƙarfe ko fuskar mota ban taɓa shi ba. Haruffan `P`, `T`, `A`, `B` da ke bakin ramukan bawul suna nan, da bayaninsu a ƙasa: na farko daga famfo, na biyu zuwa tanki, sauran biyun zuwa silinda. Lambobin akwatuna ma na bar su daidai da na asali, don injiniya da makaniki su iya magana a waya kowa da takardarsa. Ɗaya daga cikin gejin garejin `psi` yake nunawa, sai na sa 2,900 kusa da 200 duk inda ta fito.

Gwaji na biyu

Bayan an ɗaura sabon famfo, an wanke tanki da raga, an sauya filta, an zuba mai lamba 46, Baba ya sassauta rilif a ɓoye zuwa `140 bar`. Aka kira yara biyu da ba su san komai ba, ɗaya na karantawa da ƙarfi, ɗaya na aiki. Direba ya cusa bokiti cikin tsakuwa, ya kasa ɓamɓaro shi cike. Suka shiga ta ƙofar "ba ta iya ɗaga kayan da ta saba ɗagawa", suka ɗaura geji, suka ga 140, kibiyar "ba ta kai ba" ta kai su rilif cikin minti ashirin. Wuri ɗaya suka tsaya suna kallon juna, inda na rubuta "bawul ɗin sarrafawa". Na tambaye su me suke kiransa. Suka ce kwanturol. Na gyara da biro a wurin.

Baba ya mayar da rilif 200 yana kallon geji, ya ɗaure notin kulle. Da mai ya yi zafi muka sake aunawa da cikakken bokiti, silinda ta fita a daƙiƙa 4.8. Oga ya sa aka rubuta wannan adadin da ranar a ƙasan takardar don a riƙa kwatantawa duk wata, aka lulluɓe ta da leda aka manna a bangon gareji. Kwafi na biyu yana cikin motar, da layi ɗaya na ƙarin gareji a samansa domin direba: da safe a bar injin a ƙaramin gudu, a riƙa motsa bokiti a hankali babu kaya har mai ya ɗumama, sannan a shiga tsakuwa.